Kwaɗayin Zaƙi Kafin Zuwan Al'ada

Mata da yawa sun san wannan hali: saura mako guda al'ada ta zo, sai rai ya riƙa biya musu alawa ko cakulan, tuwon da ya saba isa kuma ya daina ƙosarwa. Dalilin yana cikin jini.

A ce al'adar mace kwana 28 ce. Wajen kwana na 14 ƙwai ke fita, lokacin sinadarin istirojin, mai rage cin abinci, yana sama. Bayan nan sai furojestaron ya hau, ya ɗan ɗaga zafin jiki, jiki ya ƙara ƙona abinci, yunwa ta ƙaru. Dab da zuwan jini, dukansu biyu sukan faɗi, aikin sirotonin, sinadarin kwanciyar hankali a ƙwaƙwalwa, ya raunana. Zaƙi da sitaci suna taimaka wa ƙwaƙwalwa ta samar da shi, shi ya sa rai ke nemansu. Ni dai ban ga dalilin zargin mace da rashin kamewa ba.

Wannan kwaɗayi yakan lafa da zarar jini ya zo. In yunwa ta zarce duk wata, ga ƙishirwa da yawan fitsari, a je a auna sukari.