Haɗuwar Igiyoyin Sauti Biyu: Yadda Ratar Tafiya Ke Ƙarfafa Murya Ko Ta Kashe Ta

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayanin abin da ke faruwa idan igiyoyi biyu suka haɗu a wuri ɗaya. An ɗauki misalin lasifika biyu da aka kafa a fili, irin yadda ake yi a tarukan garin Utai da ke ƙaramar hukumar Wudil, aka bi lissafinsa daki-daki. An nuna cewa bambancin nisan da igiyoyin suka yi kafin su iso kunne shi ke yanke hukuncin inda sauti zai ƙaru da inda zai dusashe, sannan aka duba abin da hakan ke haifarwa ga mai ɗaukar murya domin nazari.

1.0 Gabatarwa

Wanda ya taɓa ratsa filin taro ana magana ta lasifika biyu zai iya tuna cewa muryar mai jawabi ba ta zuwa da kama ɗaya a ko'ina. A nan ta yi kauri, taku kaɗan gaba ta yi siriri kamar ana magana ta cikin gwangwani. Akan ɗora laifin a kan na'ura ko iska. Sau da yawa kuwa na'urar lafiyarta ƙalau, abin da ya sauya shi ne wurin da mai sauraro ya tsaya. Masanin Ingila Thomas Young ne ya shimfiɗa ƙa'idar wannan lamari a shekarar 1801, yana bayani kan haske, amma ƙa'idar ta hau kan ruwa da sauti da rediyo duka.

2.0 Ƙa'idar Tarawa

A jefa tsakuwa biyu lokaci guda cikin kududdufi da damina. Kowace za ta tayar da zobba masu faɗaɗa, kowane zobe yana da tudu, inda ruwa ya ɗaga, da kwari, inda ya faɗa. Idan zobban suka gamu ba sa tare wa juna hanya, ratsa juna suke yi su wuce. A daidai wurin gamuwar, motsin ruwa shi ne jimillar motsin da kowace igiya za ta haifar da ita kaɗai ce. Wannan ita ce ƙa'idar tarawa.

Idan tudu mai tsayin santimita 2 ya gamu da wani tudun mai santimita 2, ruwa zai ɗaga santimita 4. Wannan shi ne ƙarfafa juna. Idan kuwa tudun ya gamu da kwari mai zurfin santimita 2, ɗaya na ɗagawa ɗaya na dannewa, sai ruwa ya tsaya cik. Wannan shi ne kashe juna. A sauti, matsewar iska ita ce tudu, sakewarta kuma ita ce kwari.

Akwai ma'auni biyu da za a riƙe. Na farko shi ne tsawon zango, wato nisan da ke tsakanin tudu da tudun da ke biye masa, ana yi masa alama da λ. Shi ne abin da gidajen rediyo ke nufi idan suka ce a kama su a kan mita kaza. Na biyu shi ne yawan kaɗawa, wato adadin tudun da ke wucewa cikin sakan ɗaya, ana yi masa alama da f, ma'auninsa kuma Hz. Idan v shi ne saurin igiyar, to λ = v ÷ f. A zafi irin na ƙasar Kano, misalin digiri 32, sauti na tafiyar kusan mita 350 a sakan. Ke nan sauti mai kaɗawa 350 Hz zangonsa mita 1 ne cif.

3.0 Daga Ratar Tafiya Zuwa Ƙarfi Ko Shiru

Lasifika biyu da aka jona wa amfilifaya ɗaya suna tura iska tare, suna ja da baya tare. Tudu yana barin bakin kowace a lokaci ɗaya. Mutumin da ya tsaya daidai tsakiya, nisansa da su biyun ɗaya, tudu biyu za su iso masa a tare, ya ji sauti mai ƙarfi. Da ya matsa gefe, ɗaya igiyar sai ta ƙara tafiya kafin ta iso, ta makara. Wannan ƙarin nisa shi ake kira ratar tafiya, alamarsa Δ.

Idan ratar ta kai rabin zango, tudun igiya ta nesa zai iso daidai lokacin da kwarin ta kusa ke isowa, sai su kashe juna. Idan ta kai zango guda cikakke, makarar ta zagayo: tudun ta nesa ya riski tudu na biyu na ta kusa, sai ƙarfi ya dawo. A taƙaice, idan n na nufin 0, 1, 2, 3 da sauransu:

Ƙarfafa juna: Δ = nλ

Kashe juna: Δ = (n + ½)λ

Sauti ba ya ɓata a wurin shiru, komawa yake yi wani wurin. Ƙarfin da kunne ke samu yana bin tsayin igiya ne in an ninka shi da kansa. Saboda haka inda tsayi ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. Huɗu a nan, sifili a can, matsakaicinsu biyu, daidai da abin da lasifika biyu suka fitar.

4.0 Misali Daga Filin Taro

A ɗauka an kafa lasifika A da B a wani fili a Utai, tsakaninsu mita 3, dukansu suna fuskantar gabas, suna fitar da sauti ɗaya tak mai 350 Hz. Mai sauraro yana tahowa daga gabas a kan layin da ya miƙe zuwa bakin A. Idan nisansa da A shi ne x, nisansa da B zai zama √(x² + 9).

A mita 8.75 daga A, nisansa da B mita 9.25 ne. Ratar rabin mita ce, wato rabin zango, nan sauti zai dusashe. Ya matso zuwa mita 4, nisansa da B ya zama mita 5, ratar ta cika zango ɗaya, sauti ya cika kunne. A mita 2.25 nisan B mita 3.75 ne, rata zango ɗaya da rabi, sauti ya sake raguwa duk da cewa ya ƙara kusantar lasifika. A mita 1.25 nisan B mita 3.25 ne, rata zango biyu, ƙarfi ya dawo.

Shirun ba ya zama cikakke, domin tsayin igiyar sauti a fili yana raguwa gwargwadon nisa. A mita 8.75 igiyoyin biyu kusan kai ɗaya ne, abin da ya saura bayan sun kashe juna bai wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari na tsayin igiyar A ba. A mita 2.25 kuwa igiyar B kashi 60 ce kawai ta igiyar A, don haka kashi 40 ya saura, kunne zai ji raguwa ne kurum.

Yanzu a tsayar da mutumin a mita 4, inda ratar take mita 1, a riƙa sauya sautin. A 175 Hz zango mita 2 ne, ratar ta zama rabinsa, sauti ya faɗi. A 350 Hz ya tashi, a 525 Hz ya faɗi, a 700 Hz ya sake tashi. A wannan wuri igiyar B kashi 80 ce ta A, don haka tsayin jimilla yana lilo tsakanin 1.8 da 0.2, ƙarfi kuwa tsakanin 3.24 da 0.04, bambancin ninki 81. Muryar ɗan Adam tarin kaɗawa ce daban-daban a lokaci ɗaya. Shi ya sa ba ta ɗaukewa gaba ɗaya a wuri guda: wasu sassanta ne ke faɗuwa wasu su tashi, kamar haƙoran matsefi, sai amonta ya sauya.

5.0 Sharuɗɗa Da Kurakurai

Wannan tsari yana tabbata ne idan tushen igiyoyin ɗaya ne. Makaɗa biyu da kalangu biyu ba za su samar da tsayayyen wurin shiru ba, domin kaɗawarsu ba ta tafiya a ɗaure. Idan kuma kaɗawar tushe biyu ta bambanta kaɗan, misali 100 Hz da 102 Hz, sauti zai riƙa kumbura yana sacewa sau biyu a sakan, abin da akan ji idan janareta biyu na aiki kusa da juna.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne juya wayoyin lasifika ɗaya, a sa ja a mazaunin baƙa. Sai ɗaya na turawa ɗaya na ja, sharuɗɗan nan biyu su musanya wuri, tsakiyar fili, inda ya kamata sauti ya fi ƙarfi, ta zama wurin rauni. Ana gane hakan ta ajiye lasifikan dab da juna a saurara, sannan a juya wayoyin ɗaya a sake saurara. Jonin da ya fi ba da kaurin murya shi ne daidai.

Yanayi ma yana da hannu. Saurin sauti yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a sakan ga kowane digiri. Da asubar hunturu mai digiri 15 yana kusan 340, da rana tsaka a bazara mai digiri 40 yana kusan 355. Wuraren shiru suna gusawa da wannan bambanci na kashi 4 cikin ɗari. A cikin ɗaki kuwa bango da rufi suna maido da wasu igiyoyin, lissafin igiya biyu ya daina wadatarwa.

6.0 Abin Lura Ga Mai Ɗaukar Murya

Mai nazarin furuci ko waƙar baka yana iya jawo wa kansa wannan matsala ba tare da lasifika ba. A ce ya ajiye makirfo ɗaya santimita 30 daga bakin mai magana, ɗaya kuma santimita 80, ya haɗe su a layi ɗaya. Ratar rabin mita ce, don haka za a sami rauni a 350, 1050 da 1750 Hz, yankin da ke ɗauke da siffofin da ke bambanta wasula. Karin sama da na ƙasa ba sa sauyawa, domin tarawa ba ta taɓa yawan kaɗawa. Amma idan ratar ta fi haka tsawo har raunin ya faɗa kan tushen muryar, manhajar auna kari irin Praat tana iya kama ninki biyu na ainihin adadin. Alamar matsalar a hoton sauti ita ce layukan rauni a kwance, masu tazara ɗaya, waɗanda ba sa motsi ko da wasali ya sauya. Maganinta shi ne a yi amfani da makirfo ɗaya kusa da baki, nesa da bango da tebur, ko a ajiye kowane makirfo a layinsa daban.

7.0 Kammalawa

An ga cewa igiyoyi biyu masu tushe ɗaya suna taruwa ne bisa ratar tafiyarsu in an auna ta da tsawon zango: cikakken zango ya ba da ƙarfi, ƙarin rabi ya ba da rauni. Ana iya gwada misalin sashe na 4.0 da lasifika biyu, da awon tela, da wayar hannu mai fitar da sautin 350 Hz. A toshe kunne ɗaya yayin tafiyar, domin kunnuwa biyu ba sa zama a rata ɗaya, abin da ɗaya ya rasa ɗayan kan cike shi.