Tambayar da ke rufe wa bidiyonka ƙofa a YouTube

Duk wanda ya taɓa ɗora bidiyo a YouTube ya san ba ya wucewa sai ya amsa tambaya ɗaya a ƙarƙashin "Audience": ko dai ya taɓa "Yes, it's made for kids", ko kuma "No, it's not made for kids". Masu tasha da yawa suna ɗauka ana tambayarsu ne ko bidiyon ya dace yara su kalla. Mai girki ko mai koyar da ɗinki sai ya ce ai nawa babu batsa babu ashar, ya danna na farko da zuciya ɗaya. Alhali abin da ake tambaya shi ne: yara ka nufa da wannan bidiyo?

Tambayar tana da asali. Amurka na da doka tun 1998, ana ce mata COPPA, wadda ta hana tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da izinin iyayensu ba. A Satumba 2019 hukumar kasuwanci ta ƙasar, FTC, tare da jihar New York, suka sa Google da YouTube biyan dala miliyan 170 kan zargin taka dokar. Daga Janairu 2020 sai YouTube ya fara ɗaure duk bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne, kuma ya shimfiɗa tsarin a duniya baki ɗaya. Shi ya sa mai ɗorawa daga Kano ko Damagaram yake amsa tambayar da dokar Amurka ta haifa.

Mu ƙaddara wata mata ce ta buɗe tashar girki, ta ɗauki bidiyon minti 10 kan yadda ake dambun nama, ta zaɓi "Yes". Nan take wurin sharhi zai rufe, don haka babu wadda za ta iya tambayar ta kilo nawa na nama ta sa. Ƙararrawar sanarwa ba za ta yi aiki a kan bidiyon ba, masu bin tashar ba za su ji ƙarar fitowarsa a wayoyinsu ba. Mai kallo ba zai iya adana shi a "Watch later" don ya dawo ranar da zai yi girkin ba. Ita kanta ba za ta iya sa katin da ke tura mutum zuwa bidiyonta na gaba a ƙarshe ba. Idan tashar ta kai matakin samun kuɗi, tallar da ake zaɓo wa kowane mai kallo bisa abin da yake so ba ta fitowa a irin wannan bidiyo, kuma yawanci ita ce mai tsoka. Sannan YouTube ya fi jera bidiyon da aka ce na yara ne kusa da sauran na yara. Ke nan an kai dambun nama layin katun, matan da aka yi dominsu suna wani layin.

Gane matsalar ba wuya. Ta buɗe bidiyon daga wayar wani. Idan ta ga "Comments are turned off" alhali ba ita ta kashe sharhin ba, ta shiga YouTube Studio ta duba jerin "Content", inda za ta ga an rubuta "Made for kids" a gefen bidiyon. Gyaran ma taɓawa ɗaya ce a cikin "Details". Abin da ba ya dawowa shi ne ranar farko, domin sanarwa lokacin fitar bidiyo ake tura ta, sauya saiti bayan sati biyu ba ya sa a sake bugawa. Idan kuma ta ga duk bidiyoyinta haka suke, to a matakin tasha aka yi kuskuren: sai ta bi "Settings", "Channel", "Advanced settings" a kwamfuta ta gyara daga tushe.

Kada wannan ya sa kowa ya riƙa danna "No" ido rufe. Malamin da ke koya wa ƙananan yara haruffa da waƙa, ko mai zana katun na Gizo da Ƙoƙi don 'yan firamare, "Yes" ce amsarsa, ko da ta rage masa kuɗi. Idan ya ƙi, YouTube na iya sa alamar da kansa, kuma yana iya hukunta tashar da ta maimaita ƙaryar. Amma kasancewar ɗanka ya gifta a cikin bidiyo bai mai da shi na yara ba.

A ƙasan wannan tambaya akwai wata da wasu ke faɗawa bayan sun tsere wa ta farko, wato "Age restriction". Mutum ya ce tunda ba na yara ba ne, bari in ce na manya ne, sai ya zaɓi taƙaita shi ga 'yan sama da 18. Wannan ya fi ma ɗaurewa. Duk wanda bai shiga da asusunsa ba ba zai iya kallo ba, bidiyon ba ya buɗewa idan an manna shi a yawancin shafuka na waje, talla kuma ta ragu ko ta ɗauke gaba ɗaya. A wurarenmu, inda ake kallo da wayar yaya ko ta maƙwabci, ga asusun da mai shagon waya ya buɗe da ranar haihuwar da ta zo masa a ka, asarar ba ƙarama ba ce. Bidiyon girki "No" yake buƙata a wuraren biyu.

Harshe yana ɓoye ne a bayan "Show more", shi ya sa ake mantawa da shi. Gurbi biyu ne: "Video language", harshen da ake magana da shi a ciki, da "Title and description language", harshen take da bayani. Wasu na zaɓar Turanci da gangan, wai don Turawa su gani. Idan ka ce bidiyon Hausa na Turanci ne, na'urar da ke rubuta magana a ƙasan allo za ta yi ta ƙoƙarin jin Turanci a bakinka, ta zubo shirme. Wanda ya shigo bisa taken Turanci kuwa yana jin Hausa zai fita cikin daƙiƙu, kuma YouTube na lura da tsawon zaman mai kallo kafin ya ƙara nuna bidiyo ga wasu. Ka zaɓi Hausa, ka rubuta take da kalmomin da masu nema ke bugawa, irin su "yadda ake dambun nama". Idan kana son na waje, a sashen "Subtitles" ake ƙara fassarar take da ta magana, ba tare da an taɓa harshen asali ba.

Rukuni, wato "Category", shi aka fi yi wa surutu, kuma a ganina shi ne mafi ƙarancin tasiri cikin ukun. Guda 15 ne, wanda bai zaɓa ba yakan tsinci kansa a "People & Blogs". Girki da ɗinki "Howto & Style" ne, darasi "Education", barkwanci "Comedy". Zaɓar "Gaming" na ba ka gurbin rubuta sunan wasan, wanda ke haɗa bidiyonka da sauran na wannan wasa. Amma sa girki a "News & Politics" don an ce can ake kallo ba zai jawo maka kowa ba.

Mai ɗorawa a kai a kai ya shiga "Settings", "Upload defaults" ya ajiye harshe da rukuni sau ɗaya. Kowane sabon bidiyo kuma ya fara barinsa a "Private", ya duba "Audience" da abin da ke bayan "Show more", ya tabbata akwatin "Publish to subscriptions feed and notify subscribers" na da alama, sannan ya mai da shi "Public".