Yadda Za Ku Tsara Muryar Ƙungiyarku: Misali Daga Masu Zogale Na Jiratawa

Muryar ƙungiya ita ce halin da mai saye yake ji a duk maganar da ta fito daga gare ku, a takarda ne, a rediyo, ko a saƙon waya. Murya ba ta sauyawa; abin da ke sauyawa shi ne nauyin lafazi, gwargwadon wanda ake yi wa magana da kuma dalilinta.

A ce ƙungiyarku tana noman zogale a filin noman rani na Jiratawa, tana kai busasshen ganye Maraɗi da Tibiri. Da farko ku zauna ku zaɓi halaye uku, misali gaskiya, ladabi da taƙaitawa. Kowane hali ku ɗaura masa doka: idan kun zaɓi gaskiya, to, ba za ku taɓa cewa zogale yana warkar da kowace cuta ba.

Daga nan sai ku kafa tsani mai hawa 4, ku rubuta saƙo guda a kowane hawa.

Hawa na 1, takarda zuwa ga hukuma ko fadar Sarkin Gobir a Tibiri: "Bayan gaisuwa da girmamawa, muna sanar da ku cewa ƙungiyarmu ta kammala shanya zogalen bana a inuwa."

Hawa na 2, ga babban ɗan kasuwa: "Alhaji, barka da kasuwa. Zogalen bana ya bushe, za mu iya kawo muku buhun da kuke buƙata."

Hawa na 3, tallar rediyo: "Jama'a, zogalen Jiratawa ya iso. A inuwa aka shanya shi, korensa na nan."

Hawa na 4, ga tsohuwar abokiyar ciniki: "Inna, ganyenki ya sauka, in ajiye miki tiya nawa?"

Ku lura da abin da ya motsa: gaisuwa ta gajarce, "ku" na girmamawa ya koma "ki", jimla ta ragu. Amma babu inda aka zuzuta kaya, babu inda ladabi ya faɗi. Wannan shi ne murya ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora saƙo a hawan da ba nasa ba. Neman biyan bashi ko ba da haƙuri kan kayan da suka makara ba ya sauka ƙasa da hawa na 2, ko da da aboki ake magana, domin raha a nan tana kama da raini. Lafazin hawa na 1 kuwa, idan aka kai shi rediyo, mai sauraro zai ɗauka sanarwar hukuma ce.

Kafin ku amince da jimlolin, ku karanta su a fili ga wani mamba ba tare da gaya masa wanda aka rubuta wa ba. Idan ya gane wa ake nufi, tsanin ya tsaya. Sai ku kwafe su a takarda ɗaya, ku ba duk mai magana da sunan ƙungiya.