Shin Ko Kun San? Jari Ma Kuɗin Hayarsa Ake Biya

Shin ko kun san cewa duk Nairar da kamfani ke juyawa tana da tsadarta, ko ta banki ce ko ta masu hannun jari? Masu lissafin kuɗi suna haɗa tsadar biyun su fitar da matsakaici, kowane ɓangare gwargwadon nauyinsa. A littattafai ana rubuta shi WACC.

Mu ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa da ke sayen shanshera a Zandam da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu. Banki yana binsa Naira miliyan 400 a kan ruwa kashi 25 cikin 100. Masu shi sun zuba miliyan 200 tun da daɗewa, amma yau mai saye zai biya miliyan 600 a kan rabonsu, kuma ribar kashi 35 suke nema, domin in aka karye su ne na ƙarshen karɓa.

Shin ko kun san haraji yana rage wa bashi zafi? Ana cire kuɗin ruwa kafin a yanka wa riba haraji, kuma harajin manyan kamfanoni a Najeriya kashi 30 ne. Ke nan a kowace Naira 25 ta ruwa, Naira 7.5 tana dawowa ta hanyar ragin haraji, tsadar bashin ta zama 17.5. Masana tattalin arziki Modigliani da Miller sun shigar da wannan cikin nazarinsu a 1963. Amma kamfanin da ba ya biyan harajin riba, saboda ƙanƙanta ko dawwamammiyar asara, ba shi da wannan rangwame.

Jimillar jarin a farashin yau biliyan 1 ne, kashi 60 na masu kamfani, 40 na banki:

```
WACC = (0.6 × 35) + (0.4 × 17.5) = 21 + 7 = 28
```

Shin ko kun san tsohon littafin asusu yana iya yaudarar mai kamfani? In aka ɗauki miliyan 200 ɗin da ke rubuce, jimilla ta koma miliyan 600, bashi ya cinye kashi biyu cikin uku, amsa ta sauko wajen 23.3. Sai a kawo shawarar sayen sabon injin da zai ba da ribar kashi 26, a ga kamar an dace, alhali bai kai 28 ba. A ganina nan ne kuskuren ya fi tsada, don mai miliyan 600 ba zai yarda a auna masa riba da mudun miliyan 200 ba.

Kamfanin da ke kasuwar hannun jari ta Legas, irin Dangote Cement, gano darajar rabon masu shi a yau da sauƙi: a ninka farashin hannun jari na yau da yawan hannayen. Na Zandam kuwa sai an kimanta, a duba nawa aka sayar da makamancinsa. Haka ma ruwan bashi, wanda banki zai nema yau ake sakawa, ba na tsohuwar yarjejeniya ba.