Ƙanzo Ya Kama: Wankin Tukunyar Alminiyom Daban, Na Sitenles Daban

Sau da yawa ba wuta ce ke kashe tukunya ba, wanki ne. Dafa-duka ta kama, uwargida ta sauke tukunya da zafinta ta kwara mata ruwan sanyi, sannan ta miƙa wa yarinya soson ƙarfe da yashi ta ce a goge sai ta yi ƙal. Tukunya kuwa za ta fita, amma daga ranar kamu ya zama ɗabi'arta. Ruwan sanyin yana iya lanƙwasa gindinta har ta daina zama daidai a kan risho, karcewar soson kuma ta bar ƙananan ramuka inda abinci zai riƙa maƙalewa.

Matakin farko ɗaya ne ga kowace tukunya. A bar ta ta huce, a kwashe abin da ya kwasu da muciya ko cokalin katako, a zuba ruwa ya rufe ƙanzon, a ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa, a mayar kan wuta ya yi ta ɓararraka minti 10 zuwa 15. Ana yi ana tura ƙanzon da katakon. Yawanci za a ga yana ɗagowa ɓawo-ɓawo. Sai idan baƙin ya ƙi fita ne hanya take rabuwa, kuma nan ne ake ɓarna.

Tukunyar sitenles, mai nauyi da ƙyallin nan wadda ba ta tsatsa, tana jure kanwa da bekin soda. A zuba babban cokali 2 na bekin soda a lita 1 ta ruwa, a tafasa kwata ɗin awa, a bari ya huce a ciki. Inda ya yi taurin kai, a kwaɓa sodar da ɗan ruwa ta yi kauri, a shafe wurin a bar shi ya kwana, da safe a bi da soson roba. Idan babu soda, jiƙaƙƙiyar kanwa da aka tace tsakuwarta za ta yi aikin. Abokan gabar sitenles su ne bilic da gishiri. Abin da ke hana ta tsatsa wata siririyar fata ce da sinadarin kuromiyom ke yi a samanta, bilic kuwa huda wannan fata yake yi, haka ma gishirin da aka bari ya kwanta a gindinta. Alamar ita ce ƴan ɗigo-ɗigo kamar an tsira allura, kuma babu wankin da zai cike su. Soson ƙarfe na waya shi ma yana barin ɓurɓushinsa, ya yi tsatsa a jikinta, har a zargi mai sayarwa da ha'inci.

Alminiyom kuwa, ko ta kamfani ce ko irin wadda maƙera ke narkar da gwangwani su zuba, jininta bai haɗu da kanwa ba. Duk wadda ta taɓa dafa wake da kanwa a cikinta ta ga yadda cikin ke komawa toka-toka ko baƙi. Kanwa, toka da bekin soda suna cin fatar da ke kare ta, sodar haɗa sabulu kuwa cin ƙarfen kansa take yi. Saboda haka a nan haƙuri ne magani: a maimaita tafasa ruwan sabulu sau biyu ko uku, a kankare da katako, domin ƙarfen yana da laushi, ko bakin cokali yana yi masa zane. Bayan ƙanzo ya fita, idan cikin ya dushe, a tafasa ruwan tsamiya, ko babban cokali 2 na lemon tsami ko ruwan kal a lita 1, na minti 10. Tsamin ne ke dawo da hasken. Amma a zubar nan take, a ɗauraye, a shanya. Tsami ma idan ya kwana a alminiyom yana yi mata ramuka.

Akwai masu haɗa bekin soda da ruwan kal wuri ɗaya don su ga kumfa na tashi. Kumfar ban sha'awa ce kawai, domin ɗayan yana kashe ƙarfin ɗayan ne. Wanda ya fi muni shi ne haɗa bilic da ruwan kal ko lemon tsami: iska mai guba yake fitarwa, kada a kuskura.

Idan kika ga sitenles ta yi shuɗi-shuɗi bayan ta sha wuta, ba lalacewa ta yi ba, ɗan ruwan kal a tsumma zai goge shi. Ita kuwa alminiyom da ta riga ta yi ramuka masu zurfi har farce na maƙalewa, wanki ba zai dawo da ita ba. A mayar da ita ta dafa ruwan wanka, ko a kai wa maƙera su narkar.