An ƙaurar da shafi amma tsohon ake gani: yadda dig da nslookup ke gano matsalar

Sau da yawa kamfani kan ɗauke shafinsa na intanet daga wata uwar garke zuwa wata, sai a wayi gari wasu suna ganin sabon shafin, wasu kuma tsohon. Amsar da aka saba bayarwa ita ce a yi haƙuri a jira kwana biyu. Wani lokacin jiran ne maganin, wani lokacin kuwa ko shekara za a yi ba abin da zai canza. Da dig ko nslookup ana iya bambance su cikin 'yan mintuna.

Tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, shi ke mayar da sunan shafi zuwa adireshin IP. Masu amsa tambaya a cikinsa iri biyu ne. Akwai uwar garke mai iko da sunan, wadda ainihin bayanin yake hannunta. Akwai kuma mai tambayowa, kamar ta kamfanin sadarwarka ko 8.8.8.8 ta Google, wadda ke jiyo amsa ta adana na wani lokaci. Kwamfutarka da ta biyun take magana, amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A ce an ƙaurar da example.com daga 192.0.2.10 zuwa 203.0.113.25 (adiresoshin na misali ne). Sai a fara da tambayar da kwamfuta ke yi kullum:

```
dig example.com A
;; flags: qr rd ra;
example.com.  2140  IN  A  192.0.2.10
;; SERVER: 192.168.1.1#53
```

Layin SERVER ya nuna na'urar intanet ta ofis ce ta miƙo amsar. Babu aa a layin flags, ke nan amsar ba daga mai iko da sunan ta fito ba. Lambar 2140 kuma ita ce TTL, wato sauran daƙiƙun da za a ci gaba da riƙe wannan amsa, kusan minti 36. Idan ka maimaita tambayar, galibi za ka ga lambar ta ragu.

Daga nan sai a nemo masu ikon, a tambayi ɗayansu kai tsaye:

```
dig example.com NS +short
dig @ns1.example.net example.com A +norecurse
```

Idan amsar ta zo da aa tare da 203.0.113.25, gyaran ya shiga, jira kawai ya rage har TTL ya ƙare. Idan ta zo da aa amma da tsohon adireshi, to ba a yi gyaran a nan ba, kuma jira ɓata lokaci ne. Yana da kyau a tambayi duk sunayen da NS ya lissafo ɗaya bayan ɗaya, domin idan ɗaya ta tsaya a kan tsohon bayani, shafin zai riƙa buɗewa daidai yanzu, an jima ya koma tsoho.

Matsalar da ta fi rikita mutane ita ce gyara a inda ba a tambaya. Mai kula da shafi ya shigar da sabon adireshi a wurin sabon kamfani, alhali a wurin da aka yi rajistar sunan har yanzu tsofaffin uwayen garke ne a rubuce. Wannan umarni ke tona shi:

```
dig example.com +trace
```

Yana farawa daga tushen DNS, ya sauko wurin masu kula da com, su kuma su faɗi wanda aka miƙa wa sunan. Da sunan .ng ne, ta rajistar da NiRA ke gudanarwa zai bi. Duk uwayen garken da suka bayyana a wannan mataki, su duniya ke tambaya. Idan ba na sabon kamfanin ba ne, a wurin rajista za a yi gyara.

Mai amfani da Windows yana da nslookup a shirye:

```
nslookup example.com
nslookup -type=NS example.com
nslookup example.com ns1.example.net
```

Layukan farko na sakamakon suna nuna wanda aka tambaya. Rubutun Non-authoritative answer ba alamar lalacewa ba ce, yana nufin amsar ta biyo ta hannun mai tambayowa ne.

Sai dai dig ba ya duba fayil ɗin hosts na kwamfuta, kuma manhajar buɗe shafuka tana iya riƙe tata amsar daban. Idan dig ya nuna sabon adireshi ta ko'ina amma kwamfuta ɗaya ta nace kan tsoho, a cikinta za a bincika.

Duk mai shirin ƙaurar da shafi ya rage TTL zuwa daƙiƙa 300 tun kafin ranar, ya bari tsohon wa'adin ya cika, sannan ya canza adireshin. Ta haka yawancin masu ziyara za su isa sabon shafin cikin minti 5.