Dalilin da ya sa hoton amarya ke fitowa jawur a monita, amma ya dusashe a waya

Masu ɗaukar hoto a Batsari da Safana sun san irin wannan rigimar. An kawo aikin biki daga Yasore, mai hoto ya zauna gaban monitarsa ya ga fuskar amarya ta yi jawur, koren atamfarta kamar zai tsone ido. Sai ya rage ƙarfin kala har ya yi masa daidai, ya tura ta WhatsApp. Dangin amarya suka buɗe a waya, suka ga fuska ta koɗe, atamfar kamar ta sha wanki. Daga nan sai a fara jayayya kan cikon kuɗin aiki.

Sau da yawa kyamara ba ta da laifi. Matsalar tana cikin yanayin launin da aka bar monitar a kai.

A cikin kwamfuta, kowane ɗigon hoto lambobi uku ne: na ja, na kore, na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Lambar kaɗai ba ta faɗin wane irin ja ba ne. Kamar a ce maka "tiya goma" ne a kasuwa, sai ka san girman kwanon da aka auna da shi. Kwanon da intanet ke awo da shi sunansa sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996. Kusan duk hoton da ke shafukan labarai da Facebook da shi aka auna.

Monitocin zamani da yawa kuwa kwanonsu ya fi girma. Suna iya nuna launuka masu faɗi irin DCI-P3, wanda ya zarce sRGB da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, musamman a ja da kore.

A ɗauki ja mafi ƙarfi a sRGB, wato 255, 0, 0. Don monita mai P3 ta nuna ainihin wannan jan, sai an juya lambobin sun koma wajen 234, 51, 35. Idan babu manhajar da ta yi wannan juyin, monitar za ta karɓi 255, 0, 0 ta zuba iyakar jan da take da shi. Haka kowane launi zai tashi sama da yadda aka nufa. A fatar mutum aka fi ganewa, domin ido ya san yadda fata take.

Gwajin ba wuya. Buɗe hoto ɗaya, mai fuskar wanda ka sani, a monita da kuma a waya. In wayar Samsung ce, a mayar da Screen mode daga Vivid zuwa Natural tukuna, don ita ma Vivid ɗin ƙarin gishiri take yi. Sai ka danna maɓallan jikin monitar, ka nemi sashen launi, ka zaɓi sRGB. Idan fuskar ta sauko ta yi kusa da ta waya, ka gano bakin zaren.

Mintunan farko za ka ga kamar allon ya mutu. Sabo ne kawai, ido zai daidaita.

Ga wanda aikinsa zai ƙare a waya, kamar hotunan biki, katin gayyata ko tallan kaya, a ganina sRGB ya kamata ya zauna a kai. Yanayi mai faɗi yana da amfani ga mai haɗa bidiyon HDR, ko mai aiki da Adobe RGB don bugu a babbar maɗaba'a, da sharaɗin an saka wa kwamfutar fayil ɗin ICC na wannan monitar, kuma manhajar tana aiki da shi, kamar Photoshop. Kwamfutocin Mac suna yin wannan juyin da kansu. A sababbin Windows 11 akwai zaɓin Automatically manage color for apps a ƙarƙashin Display.

Sai dai yanayin sRGB na wasu monitoci yana kulle haske, ba ka iya ƙarawa ko ragewa, abin da ke da takaici a shagon da rana ke shigowa ta ƙofa. Akwai kuma tarkon gyara sau biyu: monita tana kan sRGB, Windows kuma tana riƙe da fayil ɗin ICC na yanayi mai faɗi. Nan manhaja za ta rage launin da monitar ta riga ta rage, komai ya fito fari-fari. In ka ga haka, ka shiga Color Management ka mayar da fayil ɗin zuwa sRGB.

Kafin a tura wa masu biki hotunansu, a tabbatar an sa alama a Convert to sRGB wajen fitar da su daga Photoshop. Hoton da aka bari a Adobe RGB, idan ya faɗa manhajar da ba ta karanta bayanin launinsa, a koɗe zai bayyana ko da an gyara monitar.